Sunan unguwa a ƙarƙashin hoto: wa ya gwada, me ya gani?

Mai gyaran waya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kullum ina ɗora aikina a Instagram, amma masu yi min magana duk 'yan nesa ne, su yaba su wuce. Maƙwabtana kuwa da za su iya takowa da ƙafa ba su san da ni ba. An ce in riƙa sa sunan unguwa a rubutun ƙasan hoto. Akwai wanda ya gwada?

Tela: Wa alaikumus salam. Na gwada, kuma na ga canji. Da can "sabon aiki, mun gode Allah" kawai nake rubutawa. To wa zai shiga wurin bincike ya rubuta "sabon aiki"? Mai neman tela abin da yake so yake rubutawa, ya haɗa da sunan garinsu. Yanzu layina na farko yana faɗin irin ɗinkin, sai unguwa, sai gari, godiya ta biyo baya. Kai ma, Malam, kada ka tsaya a "gyaran waya". Rubuta "canjin gilashin waya" ko "gyaran wurin caji", domin wanda wayarsa ta faɗi matsalarsa yake nema.

Mai kwalliya: Ni dai a ganina duk wahala ce. Ka danna Add location ka zaɓi wurinka, shi ke nan.

Mai kula da shafukan 'yan kasuwa: Hajiya, ki ci gaba da sa shi, yana da amfani, amma shi kaɗai bai isa ba. Alamar wuri tana cewa ga inda kike, ba ta cewa ga abin da kike yi. Binciken Instagram yana gwada abin da mutum ya rubuta da sunan shafi, da Bio, da rubutun ƙasan hoto, da hashtag, da wurare. Inda na fi ganin ana sakaci shi ne gurbin Name, wanda yake daban da username. Wata da nake riƙe wa shafi sunanta kaɗai ta sa a wurin, kuma da haruffan adon nan masu lanƙwasa. Mu muna iya karanta su, amma a wurin na'ura wasu alamomi ne daban, ko sunan nata ka rubuta ba lalle ta fito ba. Muka mayar da shi haruffa na yau da kullum, muka ƙara sana'arta da garinta. A yi tunani kafin a taɓa shi, don sau 2 kawai ake barin mutum ya canza cikin kwana 14.

Yadda za ka gane ko ya yi aiki, Malam mai gyara: kada ka gwada da wayarka, domin bincike yana la'akari da shafukan da ka saba bi, zai iya nuna maka kanka ka ɗauka kowa haka yake gani. Ari wayar wanda ba ya bin ka, ka rubuta sana'ar da sunan garin. Sannan duk wanda ya zo, ka tambaye shi me ya rubuta ya same ka.

Mai sayar da takalma: Nawa ake biya a wata kafin su nuna wa 'yan kusa? Ni na taɓa biya kuɗin suka ƙare ban ga komai ba.

Tela: Ɗan'uwa, talla kake magana. Wannan rubutu ne kawai, ba a biyan ko sisi.

Mai kwalliya: To in haka ne sai in jera sunayen duk garuruwan da ke kewaye da mu, kowa ya gan ni.

Mai ɗaukar hoto: Kada ki yi, Hajiya. Wani abokin aikina haka yake cika rubutunsa da garuruwan da ba ya zuwa, kullum yana amsa saƙon mutanen da a ƙarshe sai ya ba su haƙuri. Ni gari ɗaya nake sawa da unguwa ɗaya. Sunan unguwarmu ana rubuta shi iri biyu, sai na sa ɗaya a layin farko, ɗayan a ƙasa. Kuma akwai wata unguwa mai irin sunan a wani gari, shi ya sa ba na barin sunan garin. A TikTok kuma nakan faɗi sunan wurin da bakina, in rubuta shi a kan bidiyon, ban da na ƙasa.

Mai gyaran waya: Na gode ƙwarai. Tsofaffin hotunan fa, in koma in gyara rubutunsu?

Tela: Ni na gyara nawa, wasu sun fara fitowa.

Mai ɗaukar hoto: Ni kam na gyara ban ga bambanci ba, sababbin ne suka riƙa kawo mutane. Amma sana'armu ba ɗaya ba ce, kuma garinmu masu hoto sun yi yawa. Ka gyara kaɗan daga masu kyau, ka duba da wayar wani bayan kwana biyu, ka zo ka faɗa mana.