Injin iska bai bin lissafin v³, ina matsalar take?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana lantarki. Ina neman taimako kan ƙaramin injin iska mai fukafukai 3, faɗin da'irarsa mita 2, wato A = 3.14 m². Janaretansa mai maganaɗisu ne, yana cajin batir 24 V kai tsaye ta rektifaya.

Ƙa'idar ita ce P = ½ρAv³. Idan gudun iska ya ninka biyu, yawan iskar da ke ratsa fukafukai a kowace daƙiƙa ya ninka biyu, ƙarfin da kowane kilo nata ke ɗauke da shi kuma ya ninka huɗu, domin yana bin v². Biyu sau huɗu, takwas ke nan. Da ρ = 1.2 kg/m³, iskar 4 m/s tana ɗauke da kusan wat 120, ta 8 m/s kusan wat 965. Idan injin ya kama kashi 30 cikin ɗari, ya kamata a ga wat 36 da wat 290.

Amma a 4 m/s mita ba ta nuna komai, a 8 m/s kuma wat 180 kawai.

Na farkon ina zargin janareta bai kai ƙarfin batir ba, shi ya sa rektifaya ba ta buɗe. Na biyun ne ya ɗaure mini kai. Batir ne ke danne juyin fukafukai har su kasa bin gudun iska, ko kuwa wutar tana ɓacewa a matsayin zafi a cikin nadin janareta da doguwar waya? Wane awo zai raba biyun? Kuma na'urar MPPT za ta gyara wannan?