Ƙarin kuɗin ruwan CBN na 2024: yaya ya same ku?

Mai Hatsi Dawanau: Salamu alaikum jama'a. A 2024 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari, wai don farashi ya lafa. Ni nakan ci bashin naira miliyan 10 da kaka in ajiye masara. A da ruwan kashi 26 ne, wato miliyan 2.6 a shekara. Da na je sabuntawa aka ce 33, miliyan 3.3 ke nan. Rabi na karɓa na dawo. Ku fa?

Tsohon Ma'aikacin Banki: Alhaji, rabin nan da ka bari shi ake nema. In irinku dubu suka rage saye, masu rububin masara a kasuwa sun ragu, farashi sai ya rage gudu. Ina aiki a lokacin, na ga yadda abin ya bi. Ribar takardun bashin gwamnati ta haura kashi 20, to me zai sa banki ya ba ɗan kasuwa da araha, ga inda kuɗinsa ba zai maƙale ba? Sannan CBN ya ce a ajiye masa rabin kuɗin masu ajiya, abin bayarwar ma ya ragu. In kasuwa ta mutu ana son farfaɗo da ita, sai a sauke ruwan, bashi ya yi sauƙi.

Maman Ilham: Ni kam na ci riba. Na kulle miliyan ɗaya shekara guda, aka ba ni dubu 180 a kai.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Hajiya, ki sake lissafi. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Kayan miliyan ɗaya sun koma miliyan 1 da dubu 348, ke kuwa miliyan 1 da dubu 180 ke hannunki. Asarar ce dai ta ragu.

Abu Sumayya: Shi ya sa ban taɓa kusantar bashin ruwa ba. Wannan magana ba ta shafe ni ba.

Direban Tirela: Malam, ta shafe ka a kwano. Amma ni abin da ke ci mini rai daban ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, kuɗin dako ya yi sama. Manoman da nake ɗauko wa kaya wasu sun bar gona saboda 'yan bindiga. Kuɗin ruwa zai mayar da su gona ne?

Tsohon Ma'aikacin Banki: Ba zai mayar ba, Malam direba. Saye yake ragewa, ba ya ƙara buhu ko ɗaya. Inda yake taimakawa shi ne jawo masu dala su zuba jari, naira ta tsaya. Kuma sai an yi watanni kafin a gani.

Mai Hatsi Dawanau: To da hatsi ya sauko a 2025, ruwan ne, ko damina, ko abincin da aka bari a shigo da shi ba haraji? Ni dai yara biyu na sallama a rumfa, har yau ban iya mayar da su ba.