Alƙaluma sun fito, amma ban san dalili ba: wa ya taɓa komawa yin hira?

'Yar Kawo: Jama'a, a taimaka. Na raba wa mata 240 masu zuwa awo takardar tambayoyi kan inda suke haihuwa. Da na zuba amsoshin a manhajar lissafi ta SPSS, sai na ga na kusa da asibiti ma a gida suke haihuwa, kusan daidai da na nesa. Mai duba aikina ya ce in koma in yi hira da wasunsu, ya rubuta min QUAN → qual a gefen takarda, wato alƙaluma tukuna, hira daga baya. Wa ya taɓa bin wannan hanya?

Ɗan Rigasa: Ni ma haka na yi. Na fara hira da 'yan kasuwa, daga bakinsu na tsamo tambayoyin da na raba wa mutane da yawa.

Malama daga Unguwar Rimi: Ɗan Rigasa, taka daban ce. Kai ka fara da hira ne don ba ka san abin da za ka auna ba. Ita kuwa ta riga ta auna, dalilin ne ya ɓace mata. Masana hanyoyin bincike Creswell da Plano Clark sun raba su gida biyu: taka ta lalube ce, tata ta bayani. Ƙanwata, tsarin ya dace da ke, tunda sakamakon ya saɓa wa abin da kika zata. Da ya fito yadda kowa ya sani, da ban ga amfanin wahalar ba. Amma kar ki tambaye su komai da komai. Ki tsaya kan abu ɗaya: ga asibiti a bakin ƙofa, me ya hana zuwa ranar naƙuda?

Mai aikin jinya, Kakuri: Sai ki jefa ƙuri'a ki ɗauki 15 cikin 240 ɗin, kar a ce kin yi son kai.

Malama daga Unguwar Rimi: Daga cikin 240 ɗin dai, wannan gaskiya ne. Ƙuri'a kuwa a'a, za ta iya kwaso mata na nesa zalla. Da gangan ake zaɓa: na kusa da suka haihu a gida, sai kaɗan na kusa da suka je asibiti, don a gwada.

Wani daga Barnawa: Kin karɓi lambobin wayarsu? Nan na sha kashi. Takardata ba suna ba lamba, da lokacin hira ya zo na rasa wanda ya cike wacce. Kuma kwamitin ɗa'ar bincike ya sa na sake neman izini, don tambayoyin hirar ba sa rubutuwa sai sakamakon farko ya fito. Zango guda ya tafi a haka.

'Yar Kawo: Wayyo. Ni ma ban karɓa ba, Malama. In na samo wasu matan a unguwannin fa?

Malama daga Unguwar Rimi: Wasu suna yarda, in kin faɗa a rubuce. Ni dai ban cika sakin jiki ba, don ba su ne suka ba ki alƙaluman ba. Ki fara jin ta bakin mai duba aikinki.