Wane suna za mu ba su in, on da at da Hausa?

Malamar Turanci, Kawo: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan ɗauki darasin rediyo na 'yan ƙaramar sakandare a kan in, on da at, kuma da Hausa za a yi bayanin. Me zan kira su? Na rubuta "mahaɗi", amma raina bai kwanta ba.

Tsohon malamin nahawu: Wa alaikumus salam, Malama. Mahaɗi yana da masu shi, su "da" da "amma". In kin ba waɗannan sunan, yara za su rikice. Ki ce harafi kawai.

Ɗalibin zaure, Tudun Wada: Harafin jarri ne, Malam, kamar fi da ala a Larabci. Kowa ya san shi.

Tsohon malamin nahawu: Jarri ai wasalin ƙarshen suna yake sauyawa, ɗana. Kaduna tana nan Kaduna ko ta biyo bayan in.

Mai fassara, Barnawa: Ni "jagoran suna" na ƙirƙiro tun bara, tunda gaban suna yake shiga. Har yaushe za mu riƙa aro, yau Larabci gobe Turanci?

Ɗalibin zaure: Kalmar nahawu ma aro ce, yaya. Za ka yar da ita?

Mai fassara: Raina abin gida ne ke kashe mu.

Malamar Turanci: Don Allah ku dawo, lokaci na tafiya. Wani yaro ya rubuta min "Nigeria became independent on October 1960". Yaya zan nuna masa kuskuren?

Tsohon malamin nahawu: Matsalar daga wajenmu take. "A" ɗaya muke sawa: a Kaduna, a ranar Litinin, a 1960. Turanci ya raba ta uku bisa faɗin lokacin. Wata da shekara suna da faɗi, ana shiga cikinsu, sai in. Rana guda ko kwanan wata, on. Ƙarfe kaza, at. Ki sa yaron ya nemo ranar a jimlarsa. Babu ita, wata kawai ya ambata, don haka "in October 1960". Da ya ce "on 1 October 1960", da ya yi daidai. Wuri ma haka: "in Kaduna", "on Ahmadu Bello Way", "at the gate".

Wata uwa, Rigasa: To safiya fa? An koya wa 'yata "in the morning", ta rubuta "in Monday morning", aka soke mata. Ba zalunci ba ne?

Tsohon malamin nahawu: A'a Hajiya, da zarar an ambaci rana ita ke rinjaye: "on Monday morning". Amma "at night" haddace shi ake yi, ƙa'idar faɗi ba ta kama shi ba.

Malamar Turanci: Na gode. Gobe zan ce "harafin wuri da lokaci", tunda su ukun kaɗai zan koyar.

Mai fassara: Ya yi tsawo, kuma yara za su zaci harafin abacada ne. Ki yi na gobe da shi, amma ranar da kika zo kan with da for sai mu sake zama.