Dokar L'Hôpital ta dawo da ni inda na faro: babu limit ke nan?

Nafisa: Assalamu alaikum. Ina neman limit na x/√(x² + 1) idan x → ∞. Sama da ƙasa duk ∞ ne, sai na sa dokar L'Hôpital. Karon farko ta ba ni √(x² + 1)/x, karo na biyu ta dawo da ni kan tambayar asali. Wani ɗan ajinmu ya ce duk lokacin da dokar ta yi zagaye haka, to limit ɗin babu shi. Gaskiya ne?

Sani: Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan ɗan ajin naku. Dokar da aka tabbatar da ita a lissafi, in da akwai amsa ai da ta fito da ita. Ni ma na taɓa haɗuwa da (x + sin x)/x, dokar ta ba ni 1 + cos x, wanda yake ta lilo tsakanin 0 da 2 ba ya tsayawa. Na rubuta babu limit, na wuce.

Malam Habibu: Sani, in an ba ka maki a wannan, to mai dubawa gyangyaɗi yake yi. (x + sin x)/x daidai yake da 1 + (sin x)/x. Shi sin x ba ya wuce 1, ba ya yin ƙasa da −1, x kuwa girma yake ta yi, saboda haka limit ɗin 1 ne. Kuma matsalarka daban ce da ta Nafisa. Kai dokar ta kai ka wurin da babu limit, ita kuwa gida ta dawo da ita. Inda kuka haɗu shi ne dokar hanya ɗaya take magana: idan sama f da ƙasa g duk suna tafiya ∞, kuma f'/g' yana da limit, to f/g ma yana da shi kuma iri ɗaya ne. Idan ba a samu na f'/g' ba, dokar shiru ta yi, ba ta ce komai a kan f/g ba.

Nafisa, ajiye diribatif, ki fito da x² daga cikin rut. √(x² + 1) = √(x²) · √(1 + 1/x²). Tunda x na tafiya +∞, ya fi sifili, don haka √(x²) = x. Sai x na sama da x na ƙasa su kashe juna, ya rage 1/√(1 + 1/x²). Yanzu 1/x² na tafiya 0, amsa 1. Gwada a kalkuleta: x = 10 zai ba ki 0.99504, x = 100 zai ba ki 0.99995.

Sani: To na ji, Malam. Amma me ya sa dokar ta gaza a nan, alhali a kan x²/(x² + 1) bugu biyu ma ya yi mata yawa?

Malam Habibu: Don a can diribatif yana rage kaya. x² ya koma 2x, ya koma 2, magana ta ƙare. Rut ba ya mutuwa haka. Diribatif na √(x² + 1) shi ne x/√(x² + 1), wato rut ɗin yana nan, wurin zama kawai ya sauya. Haka eˣ, ko sau nawa ka taɓa shi eˣ zai ba ka. Shi ya sa (eˣ + e⁻ˣ)/(eˣ − e⁻ˣ) ma yake kifewa, sama ya koma ƙasa, sannan ya sake dawowa. Can ma raba sama da ƙasa da eˣ, ka samu (1 + e⁻²ˣ)/(1 − e⁻²ˣ), limit 1.

Auwal: Ni ban yarda cewa zagayen ba shi da amfani ba. Ku duba: a kira limit ɗin L. Bugu ɗaya na dokar ya kifar da tambayar, ke nan L = 1/L. Sai L² = 1, L = 1. Layi biyu, ba tare da wahalar fito da komai daga rut ba. Zagayen da kuke kuka da shi shi ne ma amsar.

Malama Rabi: Auwal, dabara ce mai kyau, amma ka ci bashi ba ka biya ba. Da ka ce "a kira shi L", ka riga ka ɗauka yana nan, kuma tambayar Nafisa kenan. Sai ka nuna akwai shi kafin dokar ta ba ka izinin rubuta L = 1/L. A nan ana iya biyan bashin: x/√(x² + 1) ƙaruwa yake yi kullum kuma ba ya kai 1, don haka dole ya nufi wani wuri. Amma ka ga layi biyun naka sun zama biyar.

Sannan L² = 1 amsa biyu gare shi. Juya tambayar, x → −∞. Dokar za ta sake ba ka L = 1/L sak, amma amsa −1 ce, domin a can √(x²) = −x. Sa x = −10 ka gani, −0.99504. A nan ɗalibaina suka fi zubar da maki, su rubuta √(x²) = x ba su duba gefen da x ya nufa ba.

Auwal: Alamar ai da ido ake ganinta, Malama. Sama mainos, ƙasa fulos, shi ke nan. Maganar bashi kuwa, a kawo mini misali ɗaya da tambaya ta kife haka amma limit babu.

Malam Habibu: Ba za a samu ba, nan Auwal yana da gaskiya. Idan f'/g' = g/f, to f·f' = g·g', wato f² − g² lamba ce tsayayya, mu kira ta C. A tambayar Nafisa C = −1, a ta eˣ kuwa C = 4. Raba da g², ka samu (f/g)² = 1 + C/g², kuma tunda g na tafiya ∞, wannan 1 yake nufa. Sai dai Auwal, dubi abin da na yi yanzun nan. Na raba da babba ne. Aljabarar da kake gudu ita ta cece ka.

Malama Rabi: Kuma dabarar ba ta da nisan zango. Ga (3eˣ + e⁻ˣ)/(eˣ − e⁻ˣ). Bugu ɗaya: (3eˣ − e⁻ˣ)/(eˣ + e⁻ˣ), ba kifewa ba ne. Bugu biyu: tambayar asali. Abin da ka samu L = L, wanda kowace lamba ta cika shi. Raba da eˣ kuwa, (3 + e⁻²ˣ)/(1 − e⁻²ˣ), amsa 3 tana kallonka.

Nafisa: Na gode ƙwarai. To wane ne "babba" idan x → −∞ a wannan na ƙarshe? Har yanzu eˣ?

Malama Rabi: A'a ƙanwata, can eˣ ne ke tafiya 0, e⁻ˣ ke girma. Raba da e⁻ˣ: (3e²ˣ + 1)/(e²ˣ − 1), amsa −1.

Auwal: Na yarda da misalin 3. Amma a tambayar Nafisa, tunda Malam ya nuna kifewa ba ta taɓa yin ƙarya, ɗalibin da ya rubuta L = 1/L ya cancanci cikakken maki.

Malama Rabi: In ya rubuta hujjar Malam a takardarsa, na ba shi duka. In bai rubuta ba, rabi.

Malam Habibu: Ni zan ba shi fiye da rabi, muddin ya faɗi dalilin da ya zaɓi 1 ya bar −1.