Me za mu kira agogon da ke goge akawun a Telegram?

Malamar Hausa: Jama'a, ina rubuta ɗan bayani ga masu kula da zaurukan karatu, na kuma tsaya a kan wani saiti na Telegram. Idan ka shiga `Settings`, ka taɓa `Privacy and Security`, can ƙasa akwai `If away for`. Na fara rubuta "agogon hallaka kai", sai na ji kamar ana maganar wanda ya kashe kansa. Wa ke da abin da ya fi?

Mai Gyaran Waya: Malama, gara da kika ajiye waccan. Aikin abin shi zai ba mu sunansa. Za ka zaɓi tsawon lokaci, wata 1, wata 3, wata 6, shekara, sababbin fitowa ma har wata 18 da 24. Idan lokacin ya wuce ba ka leƙo ko sau ɗaya ba, sai a goge akawun ɗinka da saƙonnin da ke cikinsa da lambobin da ka ajiye, kuma ba a dawo da su. Duk ranar da ka buɗe ka shiga, lissafin ya koma farko. Ni "wa'adi" nake ce wa masu kawo mini waya, kuma nan take suke ganewa. Wa'adin goge akawun.

Ɗan Damagaram: Ai ni na sa nawa kwana 7, saƙonni na ɓacewa da kansu, akawun ɗina kuwa yana nan lafiya lau.

Mai Gyaran Waya: Wancan daban ne, ɗan'uwa. Kai `Auto-Delete Messages` ka kunna, saƙo kawai yake sharewa. Shi ya sa dole kalmar akawun ta fito a sunan, don kada a haɗa su.

Baba Mai Ritaya: Me ya hana "asusu"? Akawun ya yi kusa da akawu, malamin ofis. Wa'adi kam na yarda da shi, domin ko mutum ya rasu cewa muke wa'adi ya cika. Sai dai wa'adi ba ya matsawa, wannan kuwa kullum ɗaga shi ake yi.

Malamar Hausa: Baba, ka taɓo wurin. To a ce "wa'adin shiru": idan aka ji ka shiru tsawon kaza. Asusu kuma tsorona kada mai karatu ya zaci kuɗinsa na banki za a taɓa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni damuwata zauren kasuwanci da na buɗe. Idan wa'adin ya cika, shi ma ya tafi ke nan?

Ɗan Damagaram: Ba ya tafiya, Hajiya. Mutane na ci gaba da hira, komai daidai.

Mai Gyaran Waya: Rabin maganar ka faɗa. Zauren yana nan, mambobi na nan, tsofaffin saƙonnin Hajiya ma na nan, sai dai sunanta ya koma `Deleted Account`. Abin da ya tafi shi ne kujerar mai zaure. Admin kowa yana riƙe da ikon da aka ba shi, amma ba ya iya ƙara wa kansa. A ce kin naɗa mutum biyu, kin ba su ikon goge saƙo da korar mai talla, ba ki kunna musu `Add New Admins` ba. Ranar da kika ɓace, babu wanda zai iya naɗa na uku. Idan su biyun ma suka watse, masu tallar damfara su cika wurin, ba mai share su. Kuma ko kin sake rajista da lambarki ta dā, sabuwar baƙuwa ce ke, sai an saka ki kamar kowa.

Maganin shi ne miƙa zauren tun kina nan. Ki naɗa wanda kika amince da shi admin, ki kunna masa dukkan iko, sai `Transfer Group Ownership` ya bayyana. Zai ƙi idan `Two-Step Verification`, wato ƙarin kalmar sirri ta shiga akawun, bai kai kwana 7 da kunnawa ba, ko ba ki kai awa 24 da shiga a wannan wayar ba. Wanda ya bari sai daren tafiya, nan yake maƙalewa.

Baba Mai Ritaya: Irin wannan zaure sunansa maraya. Yana da masu riƙo, ba shi da uba.

Malamar Hausa: Na karɓi "zaure maraya", da "miƙa zaure". Na sama kuma zan rubuta "wa'adin goge akawun" a kan magana, a ciki in yi ta cewa wa'adin shiru.

Baba Mai Ritaya: Ni dai har yanzu asusu nake so, 'yata.

Hajiya Mai Atamfa: Ku bari in je in duba wata nawa aka sa mini.