Gwangwani nawa na wake zai ishi mutum sittin?

Maman Hanif, Rigasa:
Salamu alaikum. Ranar Asabar muke walimar saukar ɗana, an tsayar da wake da shinkafa na mutum sittin. Shinkafa na san awonta, waken ne ke ruɗa ni saboda kumburinsa. Uwar mijina ta ce in sayi mudu biyar, ni kuma ina ganin ya yi yawa. Waɗanda suka taɓa girkin taro, nawa kuka zuba?

Anti Mai Abinci, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya albarka. Ki ajiye lissafin mudu tukuna, don mudun wannan ba na wancan ba ne. Ki auna da gwangwanin madara. Busasshen wake gwangwani ɗaya, in ya dahu, yana ba ni biyu da ɗoriya, wani lokaci har biyu da rabi. A wake da shinkafa, inda shinkafa take ninka wake, gwangwani ɗaya na wake yana isar mutum huɗu. Mutum sittin ke nan gwangwani 15 na wake da 30 na shinkafa. Mudun da nake awo da shi gwangwani takwas yake ci, to wake mudu biyu, shinkafa huɗu. Biyar ɗin da Hajiya ta faɗa awon faten wake ne, inda wake shi ne abincin gaba ɗaya, gwangwani ɗaya na mutum biyu. Can ma huɗu ya isa, na biyar na ko-ta-kwana ne.

Ummu Sadik, Kawo:
Ni ina ganin ko mudu ɗaya ma ya isa. Ai in an jiƙa wake yakan ninka, in an dafa ya sake ninkawa, ya zama huɗu ke nan. Ni kullum sai na jiƙa ya kwana.

Anti Mai Abinci:
A'a ƙanwata, ba ya ninkawa sau biyu. Gaskiya ne jiƙaƙƙen wake ya kusa ninkawa, amma ruwan da zai sha a tukunya ne ya riga ya sha a roba. In ya hau wuta kaɗan yake ƙarawa, laushi kawai yake yi. Jiƙo yana rage miki gas ko itace, ba ya ƙara auki. Ki gwada gobe: ki auna gwangwani ɗaya, ki jiƙa, ki dafa, ki tsane, ki sake aunawa.

Baban Amira, Unguwar Rimi:
Ni ba na girki, amma ni ke cefane, kuma akwai abin da ba a ambata ba. Wani sa'in ana gyara wake sai ka ga kusan gwangwani guda ya tafi a tsakuwa da wanda ƙwari suka huda. In aka zuba a ruwa masu hujin sukan taso sama, sai zubarwa. Maman Hanif, ki auna bayan an tsince, ba yadda ya fito daga kasuwa ba.

Amaryar Malali:
Mu gwangwani ɗaya ƙulli biyar yake ba mu, in an saka ƙwai da kifi. Mutum sittin, ƙulli bibbiyu, sai ku lissafa.

Ummu Sadik:
Amarya, wannan alala kike nufi, ita wake da shinkafa za ta yi. Amma Anti, ni har yanzu ina ganin sabon wake na kaka ya fi auki. Wanda muka saya bara da damina, ya sha wuta ya ƙi nuna, sai da na jefa kanwa, kuma bai cika tukunyar da na saba ba.

Anti Mai Abinci:
Tsohon wake yana da taurin dahuwa, wannan na yarda. Wanda cikinsa bai nuna ba kuwa bai gama shan ruwa ba, dole ya zo ƙasa da awo. In kin matsa ƙwaya da yatsa kika ji gari-gari a tsakiya, da saura. Amma in ya dahu sosai, ni ban ga wani bambancin auki ba. Ki dai yi hankali da kanwa, in ta yi yawa wake ya dagargaje, ya ɓace cikin shinkafa.

Hajiya Babba, Unguwar Sarki:
'Ya'yan nan, lissafinku na faranti ne. In a tire za a zuba wa ɗaliban islamiyya da maza su ci tare, mutum huɗu ba za su tsaya a gwangwani ɗaya ba. A walimar jikana mun auna kamar haka, kafin mata su zauna tukunya ta yi ƙasa. Ni dai mudu uku zan zuba, shinkafa shida.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai. Rabi a robobi za a raba, rabi a tire, don haka zan tsaya a mudu biyu da rabi, shinkafa biyar. Yau da dare zan dafa gwangwani ɗaya daga waken da na saya in ga aukinsa. Anti, tare kike zuba su a tukunya ɗaya ko sai waken ya yi rabin dahuwa?